Bidiyo bakwai, taitil ɗaya: yadda bidiyoyin tasha guda ke cin kasuwar junansu a YouTube

Tun ranar 15 ga Yulin 2025 da YouTube ta sauya wa ɗaya daga cikin dokokinta na biyan kuɗi suna, daga "repetitious content" zuwa "inauthentic content", magana ta rikice wa masu ƙananan tashoshi na Hausa, har da namu na nan Kebbi. Wani ya ji an ce maimaici, sai ya leƙa tasharsa ya ga yana da bidiyo bakwai duk a kan noman shinkafa, gabansa ya faɗi, ya fara tunanin gogewa. Wani kuma ya ji masu koyar da harkar suna cewa bidiyoyinka na iya cin junansu a wajen bincike, sai ya haɗa zancen biyu ya mai da su ɗaya. Alhali ba ɗaya ba ne, kuma maganinsu ma ba ɗaya ba ne.

Waccan dokar tana magana ne a kan bidiyoyin da ake bugawa kamar bulo, sifa ɗaya zubi ɗaya, babu wani abin kirki da ya bambanta wannan da wancan, kuma abin da take taɓawa shi ne cancantar tasha ta samu kuɗin talla. Ita kanta YouTube ta ce ba sabuwar doka ba ce, fayyace tsohuwa aka yi. Wanda ya shiga fadama da wayarsa sau bakwai ya ɗauko abubuwa bakwai daban-daban ba shi ake nufi ba. Matsalarsa daban ce, kuma ita za a duba a nan.

## Mene ne cin junan

Kalmar bincike, wadda ƴan harkar ke kira kiwod, ita ce abin da mutum ke rubutawa a akwatin nema na YouTube, misali "yadda ake noman shinkafa". Ba lallai ta zama kalma ɗaya ba, yawanci ma jimla ce. Idan mai tasha ya sa wannan jimlar a taitil da bayanin bidiyonsa don masu nemanta su same shi, to ya auna ta ke nan. Cin juna kuwa shi ne a ce bidiyoyi da dama na tasha ɗaya duk sun auna jimla ɗaya, suna amsa tambaya ɗaya, har ya zama abokin takarar bidiyonka ba na wata tasha ba ne, ɗan'uwansa ne na ɗaki ɗaya. Sunan da Turawa suka ba abin ma, keyword cannibalization, ma'anarsa ke nan, cin naman ɗan'uwa.

A lura da wurin nan, don a nan ake yawan kuskure: ba maimaita kalma ne laifin ba, maimaita amsa ne. Bidiyon rainon iri da bidiyon zuba taki duk suna ɗauke da kalmar shinkafa, amma mai neman wannan ba shi ne mai neman wancan ba, don haka ba sa cin juna. Suna fara cin juna ne ranar da mai tasha ya lulluɓe su duka da taitil ɗaya, ya ɓoye bambancin da ke cikinsu.

## Inda zancen ya samo asali

Asalin maganar daga masu shafukan intanet ne da ke neman fitowa a Google. Can matsalar a fili take, domin a Yunin 2019 Google ta sanar cewa galibi ba za ta riƙa nuna sakamako fiye da biyu daga shafi ɗaya a sahun farko ba. To idan kana da rubutu goma a kan abu ɗaya, takwas za su zauna a benci, kuma ba kai ke zaɓar biyun da za su shiga ba. Maganin da suke yi shi ne su haɗe goman su zama ɗaya, su karkatar da tsofaffin adireshin zuwa sabon, duk wanda ya danna tsohon linki sai ya faɗo kan sabon rubutu.

Da aka kwaso wannan darasi aka kawo shi YouTube sai aka manta abu biyu. Na farko, a binciken YouTube ba abin mamaki ba ne ka ga bidiyo uku ko huɗu na tasha ɗaya sun jeru, kowa na iya gwadawa da wayarsa yanzu ya gani. Na biyu, kuma shi ya fi ciwo, a YouTube babu karkatar da adireshi. Ba ka iya cire fayil ɗin tsohon bidiyo ka sa sabo a gurbinsa, ba ka iya haɗe kallon bidiyo biyu wuri ɗaya, kowane bidiyo da adireshinsa da tarihinsa, idan ka goge shi ya tafi da komai nasa. Ke nan maganin masu shafuka ba ya aiki a nan yadda yake.

Abin da YouTube ta faɗa da bakinta game da bincike shi ne tana duba abu uku: dacewar bidiyo da abin da aka rubuta, wato taitil da bayani da abin da ke cikin bidiyon, sai yadda mutane suka karɓe shi, musamman tsawon lokacin da masu neman wannan jimlar suka yi suna kallonsa, sai kuma inganci da amincin tashar. Tun 2012 ta karkata daga ƙirga dannawa kawai zuwa ƙirga lokacin kallo. Daga nan ake gane inda ɓarnar ke shigowa. Idan taitil bakwai iri ɗaya ne, ma'aunin farko bai raba gardama ba, sai a koma kan tarihi, shi kuma tarihi na tsohon bidiyo ne, ko da kuwa shi ne mafi rauni a cikinsu. Kashin dankali ke nan, wanda ya riga hawa sama ya danne na ƙasa.

## Masu cewa matsala ce da masu cewa ba komai

Ɓangare na farko suna cewa masu neman jimla ɗaya adadinsu ƙayyadadde ne, balle a Hausa da kasuwar ba ta kai ta Turanci faɗi ba, idan ka raba su gida bakwai babu bidiyon da zai tara shaidar da za ta sa ya kafu a sama, sai wata tasha mai bidiyo ɗaya tak ta zo ta wuce ka. Suna ƙarawa da cewa mai kallo da ya ga taitil bakwai iri ɗaya da hoto iri ɗaya bai san wanne zai danna ba, kuma mai data ta awo ba ya gwaji.

Ɓangare na biyu suna cewa wannan tsoro ne aka aro daga Google. Hujjarsu ita ce YouTube tana auna kowane bidiyo ne da kansa, kuma in bidiyoyinka uku suka cika allon wayar mutum ai riba ce, duk wanda ya danna naka ne, kamar mai rumfa uku a jere a kasuwar Jega. Sannan suna tunatarwa cewa a tashoshi da yawa bincike ba shi ne babbar ƙofar shigowar masu kallo ba, shafin farko da bidiyoyin da ake jerowa a gefe ko a ƙasa su ne, kuma a can kamanceceniya taimako take yi, mai kallon bidiyon shinkafa ɗaya ana iya miƙa masa na biyu.

Kowane ɓangare yana da gaskiya a muhallinsa. Tashar barkwanci ko ta labarai da ba ta dogara da bincike ba, zancen bai cika shafarta ba. Tashar koyarwa kuwa, noma ko ɗinki ko gyaran waya ko girki, inda mutum ke zuwa da tambayarsa a hannu, nan ne ake jin jiki. Kuma ko a nan ɗin ba hukunci ba ne YouTube ke yi wa kowa. Rumfa uku a jere riba ce idan kayan da ke ciki duk masu kyau ne, amma in ta gaban ita ce mai ruɓaɓɓen kaya, mai saye ya leƙa ya juya, to sauran biyun ma sun yi asararsa.

## Misali daga fadamar Argungu

Mu ƙaddara wani matashi a Argungu yana da tashar koyar da noman rani, alƙaluman da za su biyo baya na misali ne don a ga yadda lissafin ke tafiya. Yana da bidiyo 60, bakwai daga ciki taitil ɗinsu ya ƙunshi "yadda ake noman shinkafa". Na farkon ya ɗauke shi shekara uku da suka wuce da tsohuwar waya, minti 4 ne, iskar hunturu na bugun makirfo ga ƙarar injin ban ruwa a bayansa, da ƙyar ake jin abin da yake cewa, kuma rainon iri kawai ya nuna. Na baya-bayan nan kuwa minti 14 ne, sauti tas, ya bi aikin tun daga gyaran fili da rainon irin shinkafa na FARO 44 da dashe bayan kamar mako uku har zuwa yanka. Amma taitil ɗinsa ya fara ne da gaisuwa da sunan tasha da "kashi na 7", jimlar da ake nema tana can ƙarshe inda allon waya ke yanke ta.

Ga yadda zai bincika. Ya buɗe YouTube Studio, gara a kwamfuta ko a burauzar waya da aka sa ta yanayin kwamfuta domin manhajar waya ba ta nuna komai duka, ya shiga Analytics, ya danna Advanced mode, ya sa kwana 90, ya zaɓi Traffic source. Abu na farko da zai duba shi ne kaso nawa na kallonsa ke zuwa daga YouTube search. In ya ga ɗan kaɗan ne, kamar 5 cikin 100, to ya rufe ya je ya yi wani aikin, cin juna ba shi ne damuwarsa ba. A misalinmu 40 cikin 100 ne, don haka sai ya danna YouTube search ɗin, jerin jimlolin da mutane suka rubuta suka same shi zai fito. Daga nan ya bi bidiyoyin bakwai ɗaya bayan ɗaya yana duba wannan jerin a kowanne, yana rubutawa a takarda: jimlar ta kawo kallo nawa, kuma Average view duration, wato matsakaicin zaman mai kallo, nawa ne.

Ya samu jimlar ta kawo kallo 3,000 a kwana 90. Tsohon bidiyo ya kwashi 1,900, amma matsakaicin zaman mai kallo daƙiƙa 50 ne. Sabon ya samu 400 kacal, masu kallonsa kuwa suna zama minti 7. Sauran biyar sun raba 700, ana zama kamar minti ɗaya da rabi. In aka buga, tsohon ya kawo awa 26 da ɗan ɗoriya, sabon awa 46 da wani abu, sauran awa 17 da rabi, gaba ɗaya awa 90 da ɗan ɗoriya. Wato bidiyon da ya samu ƙasa da kashi ɗaya cikin bakwai na masu zuwa shi ya kawo fiye da rabin lokacin kallo. Da a ce 2,000 daga cikin mutanen nan kan sabon suka faɗa, ko da zamansu ya sauka zuwa minti 5 tunda baƙi ba sa zama kamar ƴan gida, da shi kaɗai ya kawo kusan awa 167.

Alamar cin juna ke nan a zahiri: jimla ɗaya ta bayyana a jerin bidiyoyi da yawa, kuma wanda ya fi kwasar mutane ba shi ne wanda ya fi riƙe su ba. Akwai alama ta uku da ba ta bukatar lissafi, tana cikin kwament. A ƙarƙashin tsohon bidiyon za ka tarar da irin "Malam ina maganar taki, ba ka hwaɗi ba", alhali maganar takin tana nan cikakkiya a wani bidiyon da mutumin bai taɓa gani ba.

Abu biyu na iya yaudarar mai bincike a nan. Ɗaya shi ne lokaci: neman bayanin shinkafa yana tashi gab da shiga noman rani da kuma gab da faɗuwar damina, ya kwanta a tsakani, don haka in kallon tsohon bidiyo ya ragu bayan ka saki sabo, kar ka yi saurin cewa sabon ne ya cinye shi, ka gwada da irin wannan watan na bara tukuna. Na biyu, in ka rubuta jimlar a wayarka ka ga bidiyoyinka a sama, wannan ba hujja ba ce, YouTube ta san kai ne kuma ta san abin da ka saba kallo. A kunna Incognito ko a ari wayar wanda bai taɓa kallon tashar ba.

## Gyara ba tare da gogewa ba

Matakin farko shi ne a zaɓi bidiyo ɗaya a ba shi babbar jimlar shi kaɗai. A misalinmu sabon ne. Taitil na ɗaukar haruffa 100, amma waya ba ta nuna su duka, don haka jimlar ta zo a farko: "Yadda ake noman shinkafa daga rainon iri zuwa yanka", gaisuwa da sunan tasha su koma cikin bidiyo inda suka fi kyau. A layin farko na bayani a sake faɗin abin da bidiyon ya ƙunsa da Hausa ta mutane, ba jera kalmomi ba, cusa tarin kalmomin nema a bayani ma ya saɓa wa dokar YouTube. Sai a yanka shi babi-babi, sharaɗin shi ne na farko ya fara da 0:00, su kai aƙalla uku, kowanne kada ya gaza daƙiƙa 10:

```
0:00 Gyaran fili
2:10 Rainon iri
5:30 Dashe
8:45 Taki da ban ruwa
12:00 Yanka
```

Sauran shidan kuma kowanne a mayar masa da sunansa na gaskiya. Nan ne aikin yake, kuma sai mai tasha ya zauna ya sake kallon kowanne ya tambayi kansa wace tambaya wannan ya amsa wadda sauran ba su amsa ba. Tsohon ya koma "Rainon irin shinkafa: kwana nawa kafin dashe". Wani ya koma lokacin zuba NPK da Yuriya, wani korar tsuntsayen jan baki, wani lissafin man injin ban ruwa. Ba ƙago taitil ɗin za a yi daga ka ba, wancan jerin na YouTube search ya riga ya nuna ƙananan jimlolin da mutane ke rubutawa, haka ma abin da akwatin nema ke cikowa da kansa idan ka fara rubuta "shinkafa". Hotunan fuskar bidiyon ma a bambanta su, in duka bakwai hoton mutum ne tsaye a gona da hula iri ɗaya to sauya taitil rabin aiki ne.

Akwai wanda zai ce to tsohon fa, ba shi ke kawo mutum 1,900 ba, in aka taɓa shi ba za a rasa su ba? Tambaya ce mai kyau, kuma haɗarin gaskiya ne, domin babu tabbacin cewa gurbin da ya bari sabon ne zai hau, wata tasha na iya shigewa. Shi ya sa masu taka-tsantsan ke farawa da gyara sabon da ƙananan biyar, su bar tsohon da taitil ɗinsa amma su mai da shi ɗan jagora: a liƙa kwament a samansa mai linkin sabon, a sa kati, wato ɗan linkin da ke ɓullowa a kusurwar bidiyo, tun cikin daƙiƙun farko tunda a daƙiƙa 50 ake guduwa, a sa End screen a ƙarshe, wato allon da ke miƙa wa mai kallo wani bidiyo, wanda ke zama a daƙiƙa 5 zuwa 20 na ƙarshen bidiyo kuma ana iya ƙara shi ko a tsohon bidiyo. A jira mako huɗu, a sake ɗauko takardar nan a gwada. In sabon ya fara tashi a jimlar, sannan a sauya wa tsohon suna. In aka sauya komai rana ɗaya, ko an ci ko an faɗi ba za a san dalili ba.

Sai a tara bakwai ɗin a Playlist ɗaya bisa tsarin aikin gona, cikakken a farko. Batun Tags kuwa, wato kalmomin da ake zubawa a akwatinsu na daban wajen ɗora bidiyo, kar a ɓata dare a kansa, YouTube da kanta ta ce rawar da suke takawa kaɗan ce sai dai wajen kalmomin da ake yawan kuskuren rubutawa. Mu wannan ɗin ya ɗan shafe mu, tunda wani zai rubuta ƙasa wani kasa, wani ɗashe ma zai rubuta a maimakon dashe, to irin waɗannan a zuba su can, ba a buɗe wa kowane salon rubutu bidiyonsa ba.

## Abin da gogewa ke jawo wa ƙaramin mai tasha

Mai neman shiga cikakken tsarin samun kuɗin talla yana bukatar mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo a cikin wata 12 da suka wuce, ko kallon Shorts miliyan 10 a kwana 90. Awannin da ake ƙirgawa na bidiyoyin da ke Public ne kawai. Wanda aka goge, da wanda aka mayar Private, da wanda aka mayar Unlisted wato sai mai linki ke ganinsa, duk awanninsu na fita daga lissafin. Matashin namu in yana da awa 3,600 ya goge bidiyo shida da suka tara masa 500 a shekarar, ya koma 3,100 da hannunsa, watanni ke nan na data da zirga-zirgar fadama.

Sannan ga linki. Bidiyon noma a wajenmu yawonsa a WhatsApp ne, guruf ɗin manoma na Suru ya tura wa na Yauri, wani ya ajiye shi sai shekara ta zagayo ya buɗe. In an goge, abin da zai tarar shi ne babu. Idan har akwai bidiyon da dole a janye shi, misali biyu da suke kusan kwafin juna, ko wanda bayaninsa ya zama kuskure kamar adadin maganin feshi da aka faɗa ba daidai ba, to Unlisted ya fi gogewa sauƙi: ya fita daga bincike, mai tsohon linki kuma zai iya buɗewa ya ga kwament ɗin da ke nuna masa sabon. Na kuskuren magani dai gara Private gaba ɗaya, kada wani ya ɗauka ya yi aiki da shi.

Shi kuma manomin da ke can ƙarshen layin, wanda ya sayi data ta kwana ɗaya don ya ji yaushe ake zuba taki na biyu, abin da gyaran ke sauya masa shi ne ya rubuta tambayarsa ya ga taitil mai ɗauke da ita, ko ya buɗe dogon bidiyon ya tsallaka kai tsaye zuwa 8:45.